Alawus Ya Makale: Yadda Ɗalibi Zai Faɗi Halin Da Yake Ciki Ba Tare Da Ya Koma Maroƙi Ba

Daga ƙarshen shekarar 2023 zuwa cikin 2024, ɗaliban Najeriya da ke karatu a Rasha da Maroko da Aljeriya da Hungari da wasu ƙasashe, ƙarƙashin shirin musayar ɗalibai na gwamnatin tarayya da ake kira BEA, sun shafe watanni ba su ga alawus ɗinsu ba. Tsarin shi ne ƙasar da ta karɓi ɗalibi ta ɗauki nauyin karatunsa, Najeriya kuma ta riƙa tura masa dala 500 duk wata don ci da sha da sauran buƙatu. Da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, dalar da gwamnati ke lissafawa a kan naira 460 da 'yan kai ta haura naira 1,400 a farkon 2024. An yi kasafi da naira, alkawari kuwa da dala aka yi shi. A watan Yulin 2024 aka sanar da ɗaliban cewa an rage alawus ɗin zuwa dala 220, a watan Afrilun 2025 kuma Ministan Ilimi Tunji Alausa ya ce an daina ɗaukar sababbin ɗalibai a shirin. A Nijar ma, ariyas ɗin alawus na daga cikin abubuwan da suka fi fitar da ɗaliban jami'a kan titi.

Zanga-zanga da taron manema labarai aikin ƙungiya ne. Amma kafin a kai can, kowane ɗalibi yakan zauna shi kaɗai da wayarsa, mai gida yana ƙwanƙwasa ƙofa, yana tunanin abin da zai rubuta wa wanda ya ɗauki nauyinsa. Yawancin 'ya'yanmu a nan suke faɗawa ɗaya daga cikin ramuka biyu. Wani kunya ce ke rufe masa baki, don an tashe shi a kan cewa wanda ya yi maka alheri ba a tuna masa, sai ya yi shiru har lamari ya lalace. Wani kuma sai ya ɓalle da magiya: don Allah don Annabi, a dubi maraicinmu, ba mu da kowa sai Allah sai ku. Dukansu sun ɗauki alawus a matsayin kyautar da za a iya bayarwa ko a fasa. Alhali akwai takardar da aka ba ɗalibi ranar da aka ɗauke shi, an rubuta adadin kuɗi da lokacin biya, shi kuma an ɗora masa sharaɗin cin jarrabawa da kiyaye dokar makaranta. Alkawari kaya ne, kuma kowane ɓangare yana ɗauke da nasa. Wanda ya riƙe nasa kayan, in ya tambayi ina na ɗaya ɓangaren ya tsaya, ba roƙo yake yi ba.

Abin da ya fi raba bayani da roƙo shi ne lissafi. Roƙo yana faɗin yadda mutum yake ji. Bayani yana faɗin abin da ya faru, da ranar da ya faru, da abin da zai biyo baya in aka kai rana kaza ba a yi komai ba. "Muna cikin mawuyacin hali" magana ce da jami'i ya karanta sau ɗari a mako guda, kuma babu abin da zai iya yi da ita.

Ya kamata ɗalibi ya san wanda zai buɗe saƙonsa. A hukumar gwamnati, yawanci ba shi ne mai kuɗin ba. Ma'aikaci ne da ke kula da fayil ɗin ɗalibai, a samansa akwai darakta, a saman darakta akwai shugaban hukuma, su duka kuma suna jiran ma'aikatar kuɗi ta saki abin da aka amince da shi, sannan a nemi canjin kuɗin waje. Zagin wannan ma'aikaci ba ya kawo ko sisi, haka ma yi masa kuka. Abin da yake iyawa shi ne ya ɗauki takardarka, ya yi ɗan rubutu a gefenta, ya tura sama. Saboda haka ka rubuta abin da zai tura ba tare da ya ji nauyi ba, wanda darakta zai karanta cikin minti ɗaya ya gane me ake nema.

A ce ga wata ɗaliba da ke shekara ta huɗu a karatun likita a Alƙahira, hukumar tallafin karatu ta wata jiha ce ta tura ta. Takardarta ta ce dala 300 duk wata. Rabonta da kuɗi tun watan Yuni, yanzu ga Oktoba ya ƙare. Kasonta na hayar gidan da suke zaune su uku dala 120 ne, ta biya na Yuli daga ɗan abin da ta ajiye, saura wata uku a kanta. Iƙamarta za ta ƙare ranar 30 ga Nuwamba, kuma sai da takardar shaidar cewa ita ɗaliba ce daga jami'a za a sabunta, jami'ar kuwa ta riƙe takardar saboda kuɗin makaranta na bana bai shigo ba. Ko da Turanci za ta rubuta, kamar yadda aka saba da ofisoshinmu, ga abin da ya kamata takardar ta ƙunsa:

"Ranka ya daɗe, ni ɗaliba ce a shekara ta huɗu a sashen likita, lambar fayil ɗina tana sama. Bisa takardar da hukuma ta ba ni, alawus ɗina dala 300 ne a wata. Na ƙarshe da ya shigo shi ne na Yuni. Daga Yuli zuwa Oktoba wata huɗu ke nan, jimla dala 1,200. Mai gida yana bi na hayar wata uku, dala 360, ya kuma ba mu wa'adi zuwa 15 ga Nuwamba. Iƙamata za ta ƙare 30 ga Nuwamba, ba za ta sabuntu ba sai jami'a ta ba ni takardar shaida, ita kuma tana jiran kuɗin makaranta. Na ci duk jarrabawar zangon da ya wuce, na haɗo da sakamakon, da takardar mai gida, da bayanin asusuna na banki. Ina neman abu biyu. Na farko, a sanar da ni ranar da ake sa ran biya, don in faɗa wa mai gida magana tsayayya. Na biyu, kafin kuɗin su fito, hukuma ta rubuta wa jami'a cewa har yanzu ina ƙarƙashin kulawarta kuma za ta biya. Na gode da ɗaukar nauyin karatuna shekara huɗu."

Buƙata ta biyun nan ita ce mafi amfani a takardar, kuma ita ɗalibai suka fi mantawa. Kuɗi ba sa hannun jami'in, amma takarda mai hatimin hukuma tana hannunsa, ba ta buƙatar sa hannun ma'aikatar kuɗi. Jami'o'i da dama kan ɗaga wa ɗalibi ƙafa in suka ga rubutaccen alkawari daga wanda ya turo shi, ko da yake ba dole ba ne a kansu, kuma wadda aka taɓa yi wa alkawari aka saɓa tana iya ƙi. Wanda ya ce "a biya ni" kawai ya bar wa jami'i amsa guda: a ƙara haƙuri. Wanda ya nemi rana da takarda ya ba shi abin da zai iya cewa to a kai.

Ba a ce a ɓoye wahala ba. In abinci ya koma sau ɗaya a rana, a faɗa, amma sau ɗaya, a jimla guda, a kuma haɗa shi da karatu: ba kuɗin motar zuwa asibitin koyarwa, an rasa darasi kaza, kuma akwai adadin halarta da ake buƙata kafin a zauna jarrabawa. Wanda ya zuba kuɗin shekara huɗu ba ya son su tafi a banza a shekara ta biyar, wannan kuwa ya fi tausayi saurin motsa fayil. Abin da ba a yi shi ne ƙari. In ka ce an fitar da kai daga gida alhali wa'adi kawai aka ba ka, jami'in yana da lambar shugaban ɗalibanku, kira ɗaya ya isa, daga ranar kuma duk abin da ka rubuta sai an yi masa ragi. Haka rashin lafiyar iyaye da tsadar kayan masarufi a gida: gaskiya ne, amma ba su cikin yarjejeniyar, kuma da zarar sun shigo takardar ta fara kama da ta neman taimako.

Barazana ma ba ta da wuri a takardar farko. "In ba a biya ba za mu fita kafafen sada zumunta" na iya zama mataki na gaba, amma na ƙungiya ne, bayan an rubuta an sake rubutawa. Ɗalibi ɗaya da ya fara da ita ya rufe wa kansa ƙofa, ga shi wasu takardun tallafi suna da sharaɗin ɗa'a da za a iya juyawa a kansa. A karanta takardar da kyau kafin a taɓa waya.

In mai ɗaukar nauyin mutum ne, attajirin unguwa ko kawu ko aminin mahaifi, salon ya sauya ko da yake ƙashin maganar yana nan. Ba a aika wa Alhaji lissafi tsirara kamar ana bin sa bashi. Za a gaishe shi, a tambayi iyali da kasuwa, a fara ba shi labarin karatu, don yana da haƙƙin sanin inda kuɗinsa suka kwana. Sannan a ce: "Baba, na ga ya kamata in sanar da kai da wuri, na watan jiya da na wannan watan ba su iso ba, ga shi ranar 20 ga wata za a rufe rajista, kuɗinta kaza ne. In akwai jinkiri a faɗa mini in nemi makaranta ta ƙara mini lokaci." Wannan ya bar masa hanyar fita da mutuncinsa, domin mai yiwuwa yaronsa ne ya manta bai tura ba, mai yiwuwa kuma kasuwa ce ta juya masa baya yana jin nauyin faɗa. Sau da yawa ma ya fi kyau maganar ta bi ta bakin wanda ya haɗa ku tun farko.

Saura batun lokaci. A rubuta tun ana saura mako uku ko huɗu wa'adi ya cika, ba daren da za a rufe rajista ba, don takarda a ofis tana cin kwanaki kafin ta haye tebur biyu. A aika ta imel ɗin hukuma, ko a sa wani ya kai da hannu a buga wa kwafi hatimin karɓa. Saƙon murya na minti bakwai a WhatsApp ba ya shiga fayil. In an yi kwana goma shiru, a tura tuni gajere a ƙarƙashin saƙon farko, a ambaci ranarsa da kwanakin da suka rage. In wannan ma shiru, a rubuta wa na sama da shi, a saka shi a kwafi don kada ya ga an zagaye shi, ɗaliban waje kuma su haɗa da ofishin jakadancin ƙasarsu. A daidai wannan lokaci ɗalibi ya je ofishin kula da ɗaliban waje na jami'arsa da kwafin duk abin da ya aika, ya nemi a jinkirta masa biya a rubuce.