Jawabin maraba da Larabci a ranar walimar sauka

A walimar saukar Alƙur'ani ta makarantar Islamiyya, bayan an buɗe taro da karatu da addu'a, sai a kira shugaban makaranta ko wani ɗalibi haziƙi ya yi wa baƙi maraba da Larabci. Minti uku zuwa biyar sun ishe shi. Wanda ya zarce haka ya shiga gonar babban baƙo mai jawabi.

Farkonsa ba ya ba da wahala. Bisimilla ce, da godiya ga Allah, da salati ga Annabi, sai a ce "amma ba'adu" a shiga magana. Inda ake yin tuntuɓe shi ne wajen kiran manyan baƙi, domin kowane matsayi da irin laƙabinsa. Sarki "sahibus sumuwwi" ne, babban malami "fadilatush shaihi", babban jami'in gwamnati kuwa "sa'adatu" ake sa wa gaban muƙaminsa. Daga sama ake farawa a gangaro, kuma a ƙasar Hausa idan sarki na zaune a rumfa, shi ake fara ambata. A tabbatar da sunayen waɗanda suka iso kafin a hau mumbari, don sau da yawa wakili ake turowa, mai jawabi kuma ya yi ta yi wa kujerar da babu kowa kirari.

A nan ne kuma malaman nahawu suke kasa kunne. Idan aka sa "ya" gaban laƙabin sarki, wasalin ƙarshe yakan koma fataha, a ce "ya sahibas sumuwwi". Bayan "ayyuha" kuwa rufu'a ake yi, wato "ayyuhal hadiruna". Mai cewa "hadirina" ya yi lahani, za ka ga wani dattijo a sahun gaba ya girgiza kai. Iyaye mata nasu kiran daban ne, "ayyatuhal ummahatu", kuma bai kamata a tsallake su ba, tunda galibi su ne suka fi cika wurin.

Sai adadin masu sauka. A ce ɗalibai 45 ne. Daga 11 zuwa 99 abin da ake ƙirgawa tilo yake zuwa da fataha biyu, don haka za a ce ana bikin yaye "hamsatin wa arba'ina ɗaliban". Idan duka 'yan mata ne, sai ya zama "hamsin wa arba'ina ɗalibatan". Shi ya sa malami mai lura ba ya barin lamba a takardar yaro. Da kalmomi yake rubuta masa ita, ya sa mata wasulla.

A ganina kuskure ne a cika jawabin da kalmomi masu nauyi da aka tono daga ƙamus. Yawancin iyaye ba sa jin Larabci, suna jira ne a juya musu da Hausa, kuma jimla gajera ta fi sauƙin fassara a tsaye.