Tambayar da Nas Ba Za Ta Tsallake Ba

Har yau akwai masu cewa idan nas ta tambayi majinyaci ko yana tunanin kashe kansa, ita ce ta saka masa tunanin. Wannan magana tana ci mini rai. Tambayar mutum ko yana jin zazzaɓi ba ta kawo zazzaɓi. Mai ɗaga murfin tukunya ba shi ya ƙona tuwon ba, dubawa ya yi kafin ya kama.

A ce mace mai shekara 40 ta zo asibitin sha-ka-tafi karo na uku, kanta na ciwo, jiki ba ƙarfi, an sha maganin maleriya da taifod ba sauƙi. Nas za ta fara da roƙon uwar mijin da ta rako ta ta jira a waje, don ba mai buɗe cikinta a gaban suruka. Sai tambayoyi biyu: "Yaya, cikin mako biyun nan, kin daina jin daɗin abubuwan da kike so? Kina jin baƙin ciki ko yanke ƙauna?"

Idan ta amsa da e, sai a shiga takardar PHQ-9. Tambayoyi tara ne kan barci, cin abinci, kasala, ganin laifin kai da sauransu, kowace da maki 0 zuwa 3, jimla 27. Daga 10 ake zargin ciwon damuwa, sai a ƙara bincike, domin ƙarancin jini ma kan kawo kasala.

Tambaya ta tara ita ce zuciyar aikin, kuma ba ruwanta da jimla. Ko matar ta tashi da maki 6, muddin ta ce tana jin gara ta mutu, hira ta sauya. A nan ba a kewaye. "Kin yi tunanin kashe kanki? Kin tsara yadda za ki yi? Abin yana gida? Kin taɓa gwadawa?" Wadda ta ce "wani lokaci nakan so in huta" daban take da wadda ta ce ta ɓoye kwalbar fiya-fiya a ƙarƙashin gado. Ta biyun ba za a bar ta ita kaɗai ba. Za a kira wanda ta yarda da shi ya kwashe gubar, a tura ta wurin likita a ranar. Wa'azi a wannan lokaci rufe mata baki yake yi.

Dole nas ta yi haƙuri da shirun matar, don akwai dalili. Sashe na 231 na dokar Final Kod ya mai da yunƙurin kashe kai laifi mai ɗaurin da kan kai shekara guda, ga kunya, ga tsoron zunubi. Ya kamata 'yan majalisa su gyara wannan sashe.

Malama nas, ko layi ya kai bakin ƙofa, ki yi tambaya ta tara, ki kuma jira amsar.