Kwamfuta a cikin kwamfuta: haifabaiza, na'urar kwaikwayo da kwantena

Ɗalibi ne da laftof ɗin hannu mai RAM gigabait 8, Windows ce a kanta, kuma malaminsa ya ce ya koyi Linux, ya kuma kafa ƙaramar saba ta shafin intanet. Ba shi da kuɗin kwamfuta ta biyu, ba ya kuma so ya goge Windows ɗinsa. Hanya biyu ce a gabansa: na'urar kwaikwayo ko kwantena. Masu koyarwa da yawa sukan ce bambancinsu nauyi ne, ɗaya tana cin wuri, ɗaya ba ta ci. Gaskiya ne, amma nauyin sakamako ne kawai. Asalin bambancin yana ga wani ɓangare da ake kira kanel.

Kanel shi ne ƙashin bayan kowace babbar manhaja irin su Windows da Linux. Shi yake magana da firosesa, da RAM, da faifan ajiya kai tsaye. Duk manhajar da take son buɗe fayil ko tura saƙo ta intanet, shi take roƙa. To, na'urar kwaikwayo tana da nata kanel ɗin. Kwantena kuwa na kwamfutar da yake zaune a kai yake aro.

Na'urar kwaikwayo cikakkiyar kwamfuta ce da aka ƙera da manhaja. Mai ƙerawar ita ce haifabaiza: tana yanko wani kaso na firosesa da RAM, ta mai da fayil guda ya zama faifai, ta miƙa wa baƙuwar babbar manhaja, ita kuma ta ɗauka ƙarfe ne na gaske. Dabarar ta tsufa. IBM ta yi ta a manyan kwamfutocinta tun shekarun 1960, ta fitar da VM/370 a 1972. VMware ce ta kawo ta kan kwamfutocin tebur a 1999.

Haifabaiza iri biyu ce. Akwai wadda take zaune kan ƙarfe kai tsaye, kamar ESXi ko Xen, ita ce a manyan cibiyoyin adana bayanai. Akwai kuma wadda ake sakawa kamar kowace manhaja a kan Windows, kamar VirtualBox, wadda kyauta ce, kuma ita ɗalibinmu zai ɗauka. Kada dai a riƙe wannan rabon da ƙarfi: KVM, wadda ta shiga cikin Linux a 2007, ta mai da shi kansa kanel ɗin ya zama haifabaiza.

Ɗalibi ya saka VirtualBox, ya sauke Ubuntu Server, wanda ya haura gigabait 2 (mai sayen data ya san zafin wannan), ya ba na'urar RAM gigabait 2 da faifai gigabait 25. Ya danna Start, sai ga saƙo mai ɗauke da VT-x. Wannan ne tuntuɓen farko na mafi yawan masu koyo. VT-x wata baiwa ce da Intel ta sa a firosesocinta tun 2005 don taimaka wa haifabaiza, AMD kuma ta fito da AMD-V a 2006, amma kwamfutoci da dama suna zuwa da ita a kashe. A buɗe Task Manager, a shiga Performance, a duba CPU: in aka ga Virtualization: Disabled, sai a sake kunna kwamfutar, a shiga BIOS a kunna. In kuma na'urar ta tashi tana jan jiki, ga hoton koren kunkuru a ƙasan tagar VirtualBox, to Hyper-V ta Windows ce ta riga ta kama VT-x, VirtualBox tana bi ta ƙarƙashinta.

Sai lissafi. Windows 11 da burauza sukan laƙume kusan gigabait 4. Na'ura guda ta ɗauki 2. Ta biyu ta ɗauki sauran 2. Ta uku ba ta da masauki: Windows za ta fara kwashe abin da ke RAM tana zubawa a faifai, komai ya yi sanyi. Dalili shi ne kowace na'ura tana ɗauke da kanel da dukan hidimomin babbar manhaja, ko da ƙaramar saba guda kawai take yi wa aiki.

Kwantena ba ya kwaikwayon ƙarfe ko kaɗan. Manhaja ce kamar kowace, tana gudana a kan kanel ɗin Linux na mai masauki, sai dai an rufe mata ido an kuma auna mata abinci. Kanel yana nuna mata nata fayilolin da nata adireshin sadarwa kaɗai, har ta zaci ita ɗaya ce a kwamfutar. Sannan wani tsari mai suna `cgroups`, wanda injiniyoyin Google suka fara, ya shiga Linux a 2008, yana iyakance RAM da firosesar da za ta ci. Docker, da ta fito a 2013, ba ita ta ƙirƙiro waɗannan ba. Sauƙaƙa su ta yi, ta kuma samar da hanyar ƙunshe manhaja da duk abin da take buƙata a rarraba wa jama'a. Na'urorin kwaikwayo gidaje ne daban-daban a fili guda, kowanne da harsashinsa da mitarsa. Kwantenoni ɗakunan gidan haya ne, kowa da makullinsa, amma harsashi da mita ɗaya ne.

Ana iya ganin wannan da ido. A kan kwamfuta mai Ubuntu da Docker:

```
uname -r
docker run --rm alpine uname -r
```

Layin farko yana nuna lambar kanel ɗin Ubuntu. Na biyu yana ta da kwantenan Alpine, wata Linux ta daban da ba ta kai megabait 10 ba, ya yi mata tambaya iri ɗaya. Amsar guda ce, domin kanel ɗin guda ne. Shi ya sa kwantena yake tashi cikin daƙiƙa, kuma sabar nginx goma za su zauna inda na'urar kwaikwayo ta uku ta kasa.

Aron kanel yana da farashi. Kwantenan Linux ba ya gudana a kan kanel ɗin Windows. Ɗalibinmu zai ce, ai na saka Docker Desktop a Windows kuma yana aiki. Yana aiki ne domin akwai ƙaramar na'urar kwaikwayo ta WSL 2 a ɓoye, mai kanel ɗin Linux, kwantenonin duk a cikinta suke. Saboda haka shi ma sai an kunna VT-x, kuma in ba a saita shi ba yana iya cin rabin RAM ɗin kwamfutar. Ta fuskar tsaro ma, ɓaraka guda a kanel tana iya buɗe wa mugun kwantena hanya zuwa maƙwabtansa, alhali tsallake haifabaiza ya fi wuya sosai. Don haka kamfanonin da suke ba da hayar saba sukan raba kwastomominsu da na'urorin kwaikwayo, kowa ya zuba kwantenoninsa a cikin tasa.

Abu biyu sukan ba sabon hannu mamaki. Kwantena ya mutu ba sallama, ya bar lamba 137: an kashe shi da ƙarfi, galibi don ya wuce iyakar RAM da aka yanka masa da `-m`. Umarnin `docker inspect` zai nuna `OOMKilled` da `true` in haka ne. Na biyu, duk abin da aka rubuta a cikin kwantena yana tafiya da shi ranar da aka goge shi, sai in an haɗa masa wurin ajiya na waje da `-v`.

A ganina, ɗalibin ya fara da na'urar kwaikwayo guda, ya ba ta gigabait 3, ya koyi Linux a ciki, yana ɗaukar Snapshot kafin kowane gwaji don ya koma baya in ya yi ɓarna. Idan hannunsa ya faɗa, ya saka Docker a cikin wannan na'urar, ya ta da sabar nginx ɗinsa a kwantena.