Tallan Makaranta Kafin Sabon Zango: Abin da Iyaye Ke Nema a Takardar

Da zarar watan Agusta ya kama, unguwannin Kano sai su cika da tallan makarantun kuɗi. Ƙyallaye a shataletale, fosta a jikin katanga, takardu a ƙofar masallaci ranar Juma'a, sanarwa a gidajen rediyo, ga kuma hotunan da ake ta turawa a zaurukan WhatsApp na dangi. Dalili shi ne sabuwar shekarar karatu a watan Satumba take farawa, kuma yaron da makaranta ta samu a zangon farko yawanci nata ne har ƙarshen shekara, wani lokaci ma har ya gama. Abin mamaki, in ka jera takardun nan guda goma ka rufe sunayen makarantun, da wuya ka bambance su. Kowace tana da "ƙwararrun malamai", kowace tana ba da "ingantaccen ilimi da tarbiyya", kowace kuɗinta "mai rahusa" ne.

Wanda aka rubuta wa takardar kuwa mutum ne mai lissafi a ransa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci suka tashi, makarantu ma suka ƙara nasu, iyaye da yawa sun koma auna kowace naira. Magidanci mai 'ya'ya uku da ya karɓi takardar a bakin masallaci tambaya biyu yake yi mata: nawa zan kashe gaba ɗaya, kuma me yarana za su samu da ba za su samu a makarantar da ke kusa da gida ba? Takardar da ta kasa amsa masa waɗannan, naɗe ta zai yi ya cusa a aljihu, sai ranar wanki a ci karo da ita.

Mu fara da kuɗi, domin a nan ne masu makarantu suka fi noƙewa. Da yawansu ba sa son rubuta adadi a talla. Suna tsoron makarantar da ke gaba da su ta gani ta rage nata, ko kuma adadin ya kori uba tun kafin ya leƙo. Saboda haka sai su rubuta "a tuntuɓe mu don ƙarin bayani". Wasu kuma sukan rubuta kuɗin karatu kaɗai su yi shiru da sauran, wanda a ganina ya fi rashin rubutawa muni.

A ɗauki misali, adadin nan kuma na kwatance ne kawai. A ce wata makaranta ta rubuta cewa kuɗin zango na ɗan firamare naira 45,000 ne. Uba ya zo da kuɗinsa a hannu, sai akawu ya buɗe masa littafi: fom 3,000, kuɗin rajistar sabon ɗalibi 10,000, yunifom saiti biyu da kayan wasanni 18,000, littattafai 22,000, kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai 2,000. Jimilla naira 100,000, fiye da ninki biyu na abin da ya gani a takarda. Ba ƙarya aka yi masa ba, amma a tsaye yake gaban akawu da mai gadi da wasu iyayen, aljihunsa ya gaza, kuma wannan kunyar ba zai manta da ita ba. Ko ya je ya ciwo bashi ya biya, ya shigo makarantar da zargi a zuciya, duk kuɗin da aka nema daga baya zai ɗauke shi a matsayin wata dabarar.

Da an rubuta masa gaskiyar lissafin, ga yadda zai gani. Zangon farko 100,000, saboda a nan ake sayen yunifom da littattafan shekara. Zango na biyu da na uku 47,000 kowanne. Shekara gaba ɗaya 194,000. Motar makaranta ga mai so ce, kuɗinta daban. Wannan adadi ya fi 45,000 girma a ido, amma uba zai iya zama da uwar yaran su raba shi wata-wata su ga ko albashi ko ribar shago za ta ɗauka. Wanda ba zai iya ba, an hutar da shi da tafiyar banza. Wanda zai iya kuwa yana zuwa ne da niyyar biya. Haka ma rangwame: "akwai sauƙi ga masu yara da yawa" magana ce da ba ta shiga lissafi. A ce ɗa na uku daga gida ɗaya ana rage masa kashi 10 cikin 100 na kuɗin karatu, wato 4,500 a misalinmu. In ana karɓar biya kashi biyu, a faɗi nawa ne na farko da ranar da za a cika, a kuma tuna cewa ma'aikaci ƙarshen wata yake riƙe kuɗi.

Batun inganci ya fi wuyar rubutawa, don kalmomin da aka saba amfani da su an yi ta maimaita su har sun daina nufin komai. Hanyar ita ce a sauya kowane yabo da abin da uba zai iya zuwa ya duba da idonsa. Maimakon "ajujuwa marasa cunkoso", a faɗi iyakar yaran da ake sawa a aji. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, 40 a babbar sakandare, don haka makarantar da ba ta wuce 25 ba tana da abin faɗa, kuma uba zai iya leƙawa ya ƙirga kujeru. Maimakon "ƙwararrun malamai", a faɗi malamai nawa ne, nawa ke da shaidar NCE ko digiri a fannin koyarwa, nawa ne suka yi rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN. Akwai ma abin da ba a cika rubutawa ba alhali iyaye masu lura suna tambaya a kansa, wato daɗewar malamai. Makarantar da malamin lissafinta ke sauyawa kowane zango, yawanci albashi ne bai isa ba ko ba ya fita a kan lokaci, kuma yara ne ke ɗanɗana kuɗar hakan.

Sakamakon jarrabawa shi ne inda aka fi yin wasa da hankali. "Ɗalibanmu sun ci WAEC da NECO ɗari bisa ɗari" ya zama ruwan dare, har iyaye sun fara jin sa da wani kunne, musamman da yake kowa ya san labarin cibiyoyin da ake kai yara don a ba su amsa. Ɗari bisa ɗari na mutum nawa? Shin duk 'yan ajin ƙarshe aka yi wa rajista, ko an tace masu rauni an ce su je su zana a wani wuri? Me ake nufi da ci? Abin da jami'a ke nema shi ne kiredit biyar har da Turanci, da kuma Lissafi a yawancin fannoni. Jimlar da ta ce "a bara ɗalibanmu 48 ne suka zana NECO, 39 suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi" ta fi ɗari bisa ɗari nauyi a wurin mai hankali, don ta yarda cewa mutum 9 ba su samu ba, kuma ana iya neman takardar sakamakon a gani. A nan ne kuma ya kamata a bayyana ko makarantar tana da cibiyar jarrabawa tata ta kanta, ko kuwa wata makaranta ake kwasar yara a kai su.

Makarantun da ke haɗa boko da haddar Alƙur'ani suna da nasu nau'in wannan matsala. "Hadda cikin shekara biyu" alkawari ne mai daɗin ji, amma uban da ya taɓa zama gaban alaramma zai so ya ji izu nawa ake sa ran yaro ya haddace a shekara, yara nawa ne a gaban malami ɗaya, wane lokaci aka ware wa tilawa don kada na baya ya zube, sannan awa nawa ya rage wa Lissafi da Turanci. Yini dai ba ya ƙaruwa, duk abin da aka ƙara wa wani ɓangare, daga wani aka ɗebo.

Idan aka haɗa waɗannan, takardar makarantar misalinmu za ta iya fitowa kamar haka: "Muna ɗaukar sababbin ɗalibai daga nazare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. Ba ma sa yara fiye da 25 a aji. Ɗan firamare sabon shiga yana biyan naira 100,000 a zangon farko, har da yunifom da littattafai, sannan 47,000 a kowane zango da ya rage. Ba za mu ƙara kuɗi ba har ƙarshen wannan shekarar karatu. Ku zo kowace Asabar daga ƙarfe 9 zuwa 12 ku zaga ajujuwa da banɗakuna, ku gana da malamai." Sai a biyo da kwatancen wuri irin wanda ɗan adaidaita sahu zai gane, ranar gwajin shiga, ranar komawa makaranta, da lambar waya. Alkawarin rashin ƙarin kuɗin nan, kada mai makaranta ya rubuta shi sai ya zauna ya lissafa albashi da haya da man janareta ya tabbatar zai iya riƙewa. Karya shi a watan Janairu ya fi rashin yin sa ɓarna.

Rediyo ba ya ɗaukar duk wannan. Mai sauraro yana tuƙi ko tana girki, ba wanda zai riƙe adadi shida. A zaɓi guda biyu, misali jimillar zangon farko da yawan yara a aji, a maimaita sunan unguwa da lambar waya a hankali. Cikakken jadawalin kuɗi a bar wa takarda da saƙon waya, inda iyaye mata kan ajiye shi su kwatanta da na maƙwabta. Su ne ma sau da yawa ke fara bincike, su tambayi matar da ɗanta ke can ko ana duba littafin aikin gida, ko ana koro yara ranar da kuɗi ya makara.

Abu biyu kuma sai an kiyaye. Hotunan yara ba a sa su a fosta ba tare da izinin iyayensu ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta buƙaci amincewar uba ko uwa ko mai riƙo a kan bayanan yaro, kuma tun kafin doka, akwai gidajen da ba za su so fuskar 'yarsu a jikin katangar titi ba. Na biyu shi ne hoton ɗakin kwamfuta ko na gwaje-gwajen kimiyya da aka ɗauko daga intanet. Ranar da uba ya zo zagaye ya tarar da kwamfuta huɗu, biyu a lalace, sauran abin da aka rubuta ma ya daina yarda da shi.

Sai lambar wayar da aka sa a ƙasa. Sau da yawa ta mai makarantar ce, shi kuma yana taro ko yana kan hanya, ko ta wata malama ce da ba a ba ta jadawalin kuɗi ba, sai ta ce "sai dai ku zo ofis". Duk wanda zai ɗaga wayar, a ba shi takarda ɗaya mai ɗauke da adadin da ke cikin tallan, aji-aji, da ranakun gwaji da na biya, a kuma tabbatar wayar tana kunne daga safe zuwa bayan sallar Isha'i, domin magidanta da yawa sai sun dawo gida sun ci abinci suke samun sukunin kira.