Kujera 18, tikiti 19: matakan keɓe ma'amala a rumbun bayanai

Mu ɗauka akwai kamfanin sufuri mai mota ɗaya da ke cin mutum 18, kuma yana sayar da tikiti ta kwamfuta a taga biyu. An sayar da 17, saura kujera ɗaya. Fasinjoji biyu suka iso lokaci guda, kowa ya nufi tagarsa. Manhajar kowace taga tana yin abu uku: ta ƙidaya tikitin da aka sayar, idan bai kai 18 ba ta ƙara sabo, sannan ta tabbatar da aikin.

```sql
BEGIN;
SELECT COUNT(*) FROM tikiti WHERE mota = 7;
INSERT INTO tikiti (mota, fasinja) VALUES (7, 412);
COMMIT;
```

Duk abin da ke tsakanin `BEGIN` da `COMMIT` ma'amala ɗaya ce: ko dai ya tabbata gaba ɗaya, ko a soke shi gaba ɗaya da `ROLLBACK`. Da a ce rumbun bayanai yana gama ma'amala ɗaya kafin ya taɓa ta biyu, da babu wata matsala, sai dai layin jira zai yi tsawo. Shi ya sa ake barin ma'amaloli su gudana tare. Tambayar ita ce: me kowacce za ta iya gani daga aikin 'yar uwarta? Amsar ta dogara da matakin keɓewa da aka zaɓa.

Ƙa'idar SQL ta shekarar 1992 ta tsara matakai huɗu, kuma ta bambanta su da kurakurai uku da kowane mataki ya ƙyale ko ya hana.

Na ƙasa shi ne `READ UNCOMMITTED`. A nan ma'amala tana iya ganin abin da wata ta rubuta amma ba ta tabbatar ba tukuna. Taga ta farko ta shigar da tikiti na 18, ta biyu ta ƙidaya ta ga 18, ta sallami fasinjanta. Sai kuɗin fasinjan farko ya ƙi shiga, aka soke ma'amalarsa. Mota ta tashi da kujera babu kowa, saboda an yanke hukunci a kan tikitin da bai taɓa tabbata ba. Wannan shi ne gurɓataccen karatu.

Mataki na biyu, `READ COMMITTED`, ya toshe wannan ƙofa: ba ka ganin komai sai abin da aka tabbatar. Amma kowace tambaya da ka yi tana kallon rumbun ne yadda yake a daidai lokacin da ka yi ta. Manhaja ta karanta kuɗin mota, ta nuna wa fasinja naira 5,000. Kafin ta buga rasit, manaja ya mayar da shi 6,000 ya tabbatar. Da ta sake karanta layin nan, a cikin ma'amala ɗaya, sai ta tarar da wani adadi dabam. Wannan shi ne karatu marar maimaituwa.

Na uku, `REPEATABLE READ`, ya yi alkawarin cewa layin da ka karanta ba zai canza maka ba har ka gama. Lura da iyakar alkawarin: layukan da ka riga ka karanta kawai ya shafa. Tikiti 17 ɗin nan suna nan yadda ka bar su. To amma layin da babu shi lokacin da ka duba fa? Ba a iya kulle abin da bai wanzu ba. Wata ma'amala za ta iya ƙara sabon layi da ya dace da sharaɗin `mota = 7`, ka sake ƙidaya ka ga 18 a inda ɗazu ka ga 17. Wannan layi da ya ɓullo shi ake kira fatalwa, kuma ƙa'idar ta yarda ya faru a wannan mataki.

Na sama shi ne `SERIALIZABLE`. Ma'amaloli suna iya gudana tare, amma dole sakamakon ya zo daidai da abin da za a samu da an yi su ɗaya bayan ɗaya. Babu ko ɗaya daga cikin kurakuran uku.

Sai dai abin da ke rubuce a ƙa'ida dabam, abin da kowane rumbu ke yi dabam. A 1995 wasu masana shida, cikinsu har da Jim Gray, suka wallafa sukar ƙa'idar, suka nuna cewa kurakurai uku ba su isa su bayyana duk abin da ke iya lalacewa ba. Sun kuma fayyace wani salo da za a iya kira keɓewa ta hoto: rumbu yana ba kowace ma'amala hoton bayanai na lokacin da ta fara, ba ta ganin komai da aka yi bayan nan. Da wannan salo PostgreSQL ke aiwatar da `REPEATABLE READ`, don haka fatalwa ba ta bayyana a cikinsa ko kaɗan, duk da ƙa'ida ta ƙyale ta.

Rashin ganin fatalwa bai cece ka daga sharrinta ba. Koma ga tagogin nan biyu a wannan mataki. Ta farko ta duba hotonta: 17. Ta biyu ta duba nata: 17. Kowacce ta ƙara sabon layi, kuma da yake ba layi ɗaya suka taɓa ba, rumbun bai ga wani karo ba. Duka suka tabbata. Tikiti ya zama 19, babu saƙon kuskure, ba wanda zai sani sai fasinja ya tsaya a bakin mota da tikitinsa a hannu. Kowace ma'amala ta yi daidai bisa abin da ta gani. Haɗuwarsu ce ta karya doka. Masana suna kiran wannan karkataccen rubutu, kuma haka zai faru a `READ COMMITTED` ma.

Abin lura shi ne yawancin manhajoji ba a mataki na sama suke aiki ba. Idan mai rubuta manhaja bai zaɓi komai ba, PostgreSQL da Oracle da SQL Server suna farawa ne da `READ COMMITTED`, MySQL mai injin InnoDB kuma da `REPEATABLE READ`. Suna ma yana iya yaudara: abin da Oracle ke kira `SERIALIZABLE` keɓewa ta hoto ce, wadda ba ta hana karkataccen rubutu.

To ina mafita? Tun fitowa ta 9.1 a 2011, `SERIALIZABLE` na PostgreSQL yana bin sawun abin da kowace ma'amala ta karanta. Idan ya ga kowace taga ta rubuta abin da zai canza ƙidayar ɗayar, sai ya bar ɗaya ta tabbata, ya soke ɗayar da lambar kuskure `40001`. Farashinsa ke nan: dole manhaja ta iya sake ma'amalar daga farko. Idan ta sake, za ta ga 18, ta gaya wa fasinja mota ta cika.

Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar ɗaga mataki. A `READ COMMITTED`, kowace taga ta fara kulle layin motar kafin ta ƙidaya:

```sql
SELECT * FROM motoci WHERE lamba = 7 FOR UPDATE;
```

Taga ta biyu za ta jira har ta farko ta gama, sannan ƙidayarta ta ga gaskiyar adadi. Ko kuma a ba kowane tikiti lambar kujera, a sa sharaɗin `UNIQUE` a kan mota da kujera, yadda rumbun da kansa zai ƙi karɓar tikiti biyu na kujera ta 18.

Irin wannan kuskure ba ya fitowa idan mutum ɗaya ne ke gwada manhaja. Don a gano shi, sai a buɗe zama biyu a kan rumbun, a yi ƙidaya a duka biyun, sannan a shigar da tikiti a kowanne a tabbatar. Idan duka suka wuce, to akwai ɓaraka. Duk inda manhaja ke duba wani sharaɗi sannan ta rubuta bisa abin da ta gani, ko kujera ce, ko ɗakin otal, ko ragowar kaya a sito, wannan gwaji ya kamata a yi mata kafin ranar cunkoso.