Yadda ake cire haraji daga bonas, kuɗin ƙarin lokaci da alawus-alawus

Duk watan Disamba ma'aikata da dama kan yi ƙorafin cewa bonas ɗin da aka yi musu alkawari bai zo cif ba. Wasu kuma na ganin tunda an rubuta kuɗin gida da na sufuri a layi daban a takardar albashi, bai kamata haraji ya taɓa su ba. Sai dai Dokar Haraji ta Nijeriya ta 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta ɗauki tushen albashi da alawus da bonas da kuɗin aikin ƙarin lokaci duk a matsayin kuɗin shiga ɗaya. Ana haɗa su na shekara guda, sannan a cire harajin da ke fitowa a takardar da sunan PAYE.

Wannan fahimta ta alawus tana da asali. Kafin gyaran dokar 2011, ana yafe wa wani ɓangare na kuɗin gida da na sufuri haraji. Gyaran ya maye gurbin wannan da rangwame guda na bai ɗaya, sabuwar dokar kuma ta soke shi. Abin da ya rage shi ne rangwamen haya: kashi 20 cikin ɗari na hayar da mutum ya biya a shekara, kada ya wuce Naira 500,000. Da hayar da aka biya ake lissafa shi, ba da alawus ɗin gida ba, don haka sai ma'aikaci ya bayyana hayarsa da shaidar biya. Wanda ke zaune a gidansa na kansa ba ya samu.

Bayan an cire rangwame, Naira 800,000 ta farko ba ta da haraji. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana cire mata kashi 15, miliyan 9 na gaba kashi 18, har matakan su kai kashi 25.

Mu ɗauki ma'aikaci mai tushen albashi na Naira 150,000 a wata, kuɗin gida 60,000, na sufuri 40,000. Jimilla 250,000 ke nan, wato miliyan 3 a shekara. Domin sauƙin lissafi, mun ajiye asusun gidaje da inshorar lafiya gefe, duk da cewa su ma ana cire su kafin haraji. Fanshonsa na kashi 8 a kan waɗannan ukun ya kama 240,000. Idan yana biyan hayar 500,000, rangwamensa 100,000 ne. Saura 2,660,000. A cire 800,000, sai a ɗora kashi 15 a kan 1,860,000: harajinsa 279,000 ne a shekara, ko 23,250 a wata.

Da yake albashinsa ya riga ya cinye matakin da ba shi da haraji, duk ƙarin da ya samu daga kashi 15 yake farawa. Idan ya yi aikin ƙarin lokaci na 20,000 a wani wata, 3,000 za a cire, ya karɓi 17,000.

To, a ce bai yi ƙarin lokaci ba, amma an ba shi bonas na 500,000 a Disamba. Kuɗin da ake wa haraji ya koma 3,160,000, ya haura iyakar miliyan 3. Naira 340,000 ta bonas ɗin tana kan kashi 15, wato 51,000. Ragowar 160,000 kaɗai ce ta shiga kashi 18, wato 28,800. Harajin bonas ya zama 79,800, ya tafi gida da 420,200. Haura mataki ba ya ƙara haraji a kan albashin da ke ƙasa da iyakar.

Inda ake yin kuskure shi ne idan sashen albashi ya ninka kuɗin Disamba, 750,000, sau 12, kamar kowane wata haka yake samu. Da wannan lissafi za a cire masa 112,400 maimakon 103,050, an zarce da 9,350. Hanyar ganewa ita ce ma'aikaci ya tara PAYE na wata 12, ya kwatanta da harajin shekara, wanda a nan 358,800 ne. Idan an zarce, sai ya nemi gyara a sashen albashi, ko ya kai batun hukumar tara haraji ta jihar da yake zaune, domin can ake tura kuɗin.

Akwai kuma bambanci tsakanin alawus da mayar da kuɗi. Idan ma'aikaci ya kashe kuɗinsa a tafiyar aiki aka mayar masa daidai bisa rasit, wannan ba kuɗin shiga ba ne. 'Yan kasuwa masu biyan ma'aikata su lura da wannan: kuɗin mota da ake bayarwa kowane wata alawus ne, yana cikin lissafin haraji, kuma a wuyan mai biyan albashi cirewa da turawa suke.