Hoto, Shekaru da Aure: Me Ya Kamata a Sa a Takardar Neman Aiki a Ƙasar Waje?

Duk wanda ya taɓa shiga shagon buga takardu a Kano ko Kaduna ya ce a tsara masa si-bi, wato takardar da ke bayyana karatun mutum da ayyukan da ya yi, ya san kamannin shafin farko. Hoto a kusurwa, sai ranar haihuwa, jinsi, jihar asali, ƙaramar hukuma, addini, aure ko rashinsa, wani lokaci har da ƙabila. Mai shagon bai yi laifi ba. Tun kundin tsarin mulkin 1979 Najeriya ke bin ƙa'idar raba guraben aikin gwamnati tsakanin jihohi, don haka a gida jiharka da ƙaramar hukumarka suna da aikin da suke yi a takarda. Matsalar tana farawa ne ranar da aka ɗauki wannan takarda yadda take aka tura ta Manchester ko Riyad. A wani wurin bayanan nan cikas ne, a wani wurin kuwa rashinsu ne cikas.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce ga wata ma'aikaciyar jinya mai shekara 38, tana da aure da 'ya'ya huɗu, tana sa hijabi, ta yi shekara 12 tana aiki a ɗakin masu haihuwa. Ta ga talla biyu, ɗaya daga wani asibiti a Ingila, ɗaya daga wani a Saudiyya. Takarda ɗaya ba za ta ishe ta ba. Biyu take buƙata, kuma kusan duk bambancinsu yana cikin layuka shida ko bakwai na saman shafin farko.

Ta Ingila ita ce ake yi wa aski. Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta lissafa abubuwa tara da ba a yarda a nuna wa mai neman aiki bambanci a kansu ba, cikinsu akwai shekaru, jinsi, launin fata da asali, addini, naƙasa da juna biyu. Dokar ba ta hana ki sa hotonki ba. Abin da ta yi shi ne ta sa mai ɗaukar aiki ya ji tsoron ganinsa. Idan ya ga fuskarki da shekarunki sannan ya ƙi kiranki, kina iya cewa a kan su ya ƙi ki, shi kuma sai ya sha wahalar wanke kansa. Shi ya sa manyan ma'aikatu suka fi son takardar da ba ta nuna musu komai sai aiki. A hukumar lafiya ta NHS ma yawanci fom ake cikewa a intanet, kuma masu tace waɗanda za a kira ganawa ba sa ganin suna ko ranar haihuwa a wannan mataki. A Amurka haka lamarin yake, saboda dokar 1964 da ta hana wariya a wurin aiki da ta 1967 da ke kare masu shekara 40 zuwa sama. Kanada da Ostareliya ma ba a saba sa hoto ba.

Saboda haka saman takardarta ta Ingila zai ƙunshi sunanta yadda yake a fasfo, garin da take da ƙasar, adireshin imel, da lambar waya da ta fara da +234 ba tare da sifilin farko ba. Hoto, ranar haihuwa, aure, 'ya'ya, addini, jiha da ƙaramar hukuma duk su fita. Gurbin da suka bari kuwa ba a barinsa fanko. Nan za ta rubuta abin da Baturen yake nema ido rufe: inda ta kai a rajista da hukumar NMC mai kula da ma'aikatan jinya da ungozoma, ko ta ci jarrabawar Turanci ta IELTS ko OET, da kuma cewa za ta buƙaci asibitin ya tsaya mata wajen samun biza. Wannan na ƙarshen kada a ɓoye shi. Ba kowace ma'aikata ce ke da lasisin ɗauko ma'aikaci daga waje ba, kuma gara a san gaskiya tun farko da a ɓata wata biyu ana ganawa.

Akwai kuskuren da nake yawan gani a takardun da ake kawo mini in duba. Mutum ya cire ranar haihuwa, amma ya bar layin da ya ce ya gama firamare a shekara kaza, ko adireshin imel ɗinsa ya ƙare da shekarar da aka haife shi. Mai karatu ba ya buƙatar ko alƙalami kafin ya gano shekarunsa. Ma'aikaciyar jinyarmu ta fara lissafin karatunta daga makarantar koyon aikin jinya. Firamare ba ta da abin da za ta ƙara wa mai shekara 12 a bakin aiki.

Wani zai ce ashe ba ɓoye gaskiya ba ne wannan? Ko kusa. Asibitin zai ga fasfonta da ranar haihuwarta bayan ya yanke shawarar ɗaukarta, lokacin da ake shirya biza. Kowane bayani da matakin da ake neman sa, kuma su da kansu suka tsara cewa kada su gan shi da wuri.

Mu juya ga takardar Saudiyya, inda abin ya sha bamban. A ƙasashen Larabawa na yankin Tekun Fasha, irin su Saudiyya, Ƙatar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, al'ada ce a sa hoto, ƙasar da mutum ya fito, ranar haihuwa da matsayin aure, kuma tallar aikin kanta takan nemi hakan ƙarara. Dalilin bai tsaya ga al'ada ba. A can mai ɗaukar aiki shi ne kafili, shi ke nema wa ma'aikaci biza da iƙama, don haka tun farko yana so ya san daga wace ƙasa mutum yake da kuma shekarunsa. Batun aure kuwa maganar kuɗi ce. Kwantiragi iri biyu ne: na mutum shi kaɗai, da na iyali wanda zai iya haɗawa da gida mai faɗi, tikitin jirgi na mata ko miji da yara, wani lokaci da tallafin kuɗin makaranta. Tun 2017 Saudiyya ke karɓar kuɗi duk wata a kan kowane ɗan rakiya da baƙon ma'aikaci ya zo da shi. Ma'aikatan jinya da yawa kwantiragin mutum ɗaya ake ba su, masaukinsu a gidajen asibiti.

To, me za ta rubuta? Ta sa cewa tana da aure, tunda ana tambaya kuma gaskiya ce. Yawan 'ya'ya ban ga dalilin sa shi ba sai an nema a fom. Amma ranar ganawa ta tambaya da bakinta wane irin kwantiragi ne, don mace mai 'ya'ya huɗu bai kamata ta gano amsar bayan ta sauka a filin jirgi ba. Addini shi ma ba dole ba ne, sai dai idan aikin a Makka yake, inda ba a barin wanda ba Musulmi ba ya shiga. A nan faɗin addini yana da amfani na zahiri. Jiha da ƙaramar hukuma kuwa a nan ma su fita, babu wanda zai yi aiki da su. Hoton ya zama na kwanan nan, daga kafaɗa zuwa sama, bayansa fari ko launi ɗaya mara ado, da hijabinta yadda take fita aiki. Hoton biki da aka yanke kafaɗar ƙawa a gefe ba ya yi.

A wannan hanya ta Saudiyya ne batun shekaru ya fi cizon mutanenmu. Kafin ma'aikacin lafiya ya samu lasisin aiki a can, kamfanin DataFlow yana tuntuɓar makarantar da ya yi, da hukumar da ta ba shi lasisi, da wuraren da ya yi aiki, don tabbatar da takardunsa daga tushe. Mun san yadda rage shekaru ya zama ruwan dare a wajenmu: fasfo ya ce 1987, takardar makaranta ta ce 1985, takardar rantsuwar kotu ta faɗi wata daban. Haka ma suna, yau Muhammad, gobe Mohammed, ko sunan uba a wata takarda, na miji a wata. Irin wannan saɓani kan jawo tambayoyi da jinkiri, wani lokaci ya rusa maganar gaba ɗaya. Kafin ta tura komai, ta shimfiɗa fasfo, shaidar kammala karatu da lasisinta a tebur ta gwada su harafi da harafi. Abin da ke fasfo shi zai hau si-bi, inda aka samu saɓani kuma a gyara shi ta hanyar hukuma tun tana gida. Ta kuma rubuta wata da haruffa, kamar 3 ga Afrilu, domin 03/04 Afrilu ne a wurin Ba'ingile amma Maris ne a wurin Ba'amurke.

Jamus ta faɗo a tsakiya, kuma ita ce ta fi wahalar yanke hukunci. Dokarsu ta 2006 ta hana wariya, kamfanoni da yawa sun daina neman hoto a talla, amma har yanzu Jamusawa sun saba manna hoton da ƙwararren mai ɗaukar hoto ya ɗauka, su kuma rubuta ranar haihuwa. Wata masaniyar tattalin arziki ta Jami'ar Linz, Doris Weichselbaumer, ta fitar da sakamakon wani gwaji a 2016. Ta aika takardun neman aiki kusan 1,500 masu ƙwarewa iri ɗaya da hoton mace ɗaya. Mai sunan Jamusawa ta samu amsa mai kyau a kusan kashi 19 cikin 100, mai sunan Turkawa kashi 13.5, mai sunan Turkawa da ɗankwali kuwa kashi 4 da ɗoriya. Alƙaluman suna da ciwo. Ba zan taɓa ba wata shawarar ta cire hijabi don hoto ba, domin ranar ganawa da shi za ta je, kuma da shi za ta yi aiki. Shawarata ita ce idan tallar ba ta nemi hoto ba, ta bar shi, aikinta ya fara yi mata magana. Idan an nema, ta sa yadda take.

Akwai kuma abubuwan da ba sa hawa si-bi ko wace ƙasa za a tura ta: lambar fasfo, lambar NIN, lambar BVN da lambar asusun banki. Si-bi takarda ce mai yawo daga hannu zuwa hannu, kuma tallar aikin ƙarya tana cikin hanyoyin da 'yan damfara ke tara bayanan mutane. Kwafin fasfo sai an tabbatar da cewa ma'aikatar ta gaskiya ce kuma magana ta yi nisa. Dillalin da ya nemi fasfo da kuɗi kafin a yi ko ganawa ɗaya, a yi hattara da shi.

Mai karatu, kafin ka danna tura, koma ka sake karanta tallar aikin daga farko har ƙarshe. Idan ta faɗi abin da take so, bi umarninta ko da ya saɓa wa al'adar ƙasar. Idan ta yi shiru, bi al'adar ƙasar da aikin yake, ka ajiye kwafi daban na kowane yanki da suna a kansa, don kada ta Riyad ta tafi Manchester.